Koyo ko Hadda? Yadda Ake Karanta Layukan Horar da Na'ura

A wuraren da ake koya wa kwamfuta gane hoto, ko yin fassara, ko rarrabe saƙonni, akwai wani zane da ma'aikata suke zuba wa ido fiye da kowane. Layuka biyu ne kawai a cikinsa, galibi ɗaya shuɗi ɗaya ruwan lemo, suna tafiya daga hagu zuwa dama. Na farko yana nuna yawan kuskuren da na'ura take yi a kan misalan da ake koya mata da su. Na biyu yana nuna kuskurenta a kan misalan da aka ware gefe, waɗanda ba a bari ta koyi komai daga gare su ba. Daga yadda layukan nan suke sauka, ko su miƙe, ko su rabu, ake gane ɗaya daga cikin cututtuka biyu da suke kama irin wannan aiki. Ko dai na'urar ta zarce gona da iri ta koma haddace misalai, abin da masu sana'ar suke kira obafitin, ko kuma ta kasa koyon abin da ke gabanta tun farko, wanda suke kira andafitin.

Abin da ake yawan gaya wa sabon shiga shi ne ya dubi tazarar da ke tsakanin layukan: in ta yi faɗi akwai matsala, in sun haɗe to lafiya lau. Wannan nasiha ta ɓatar da mutane da yawa. A ganina abubuwa biyu ne suka fi tazarar muhimmanci: inda layin tantancewa ya nufa, sama ko ƙasa, da kuma tsayin da layin horo ya tsaya a kai. Zan bi wani sanannen misali daki-daki domin a ga dalili.

A shekarar 2011, Andrew Maas da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford suka tattara sharhin finafinai guda 50,000 daga dandalin IMDb, duk da Turanci. Rabinsu yabo ne, rabi suka. Sun ɗauki sharhin da mai shi ya ba fim maki 7 zuwa sama cikin 10 a matsayin yabo, wanda ya ba da 4 zuwa ƙasa kuma a matsayin suka, na tsaka-tsaki suka bar su. Aikin na'ura shi ne ta karanta sharhi ta faɗi wane ɓangare yake. François Chollet, wanda ya ƙirƙiri manhajar Keras, ya yi amfani da wannan tarin a littafinsa na 2017 domin nuna yadda hadda take kunno kai, kuma ɗalibai a ko'ina cikin duniya sun maimaita gwajin a kwamfutocinsu. Duk mai ƙaramar kwamfuta zai iya yinsa cikin 'yan mintoci.

Kafin a fara komai sai an raba sharhin. Guda 25,000 ana kulle su, ba a taɓa su sai ranar ƙarshe; wannan shi ne kason jarrabawa. Daga ragowar 25,000 ana cire 10,000 a matsayin kason tantancewa, sai 15,000 su zama kason horo. Kamar ɗalibi ne mai shirin jarrabawa: akwai tambayoyin baya da yake bita da amsoshinsu a hannu, akwai gwajin da malami yake masa kowane mako da tambayoyin da bai gani ba, sannan akwai jarrabawar kanta. Wanda ya haddace amsoshin baya zai cinye bita tas, amma gwajin mako shi ne zai tona shi.

Samfurin da ake horarwa, wato tsarin lissafin da zai yi hukuncin, ƙarami ne. Ana zaɓar kalmomi 10,000 da suka fi yawan fitowa, a mayar da kowane sharhi jerin sifili da ɗaya: ɗaya in kalmar tana ciki, sifili in babu. Jerin yana ratsa hawa biyu, kowane hawa da ƙulli 16, daga ƙarshe lamba guda ta fito tsakanin 0 da 1, wadda take nuna yadda na'urar ta gamsu cewa yabo ne. A cikin wannan tsari akwai lambobi 160,305 da ake murɗawa kaɗan-kaɗan yayin horo. A riƙe wannan adadi, domin misalan horo 15,000 ne kacal. Kowane sharhi guda yana da fiye da lambobi goma da za su iya zama masa ma'aji. Wurin hadda a wadace yake tun kafin a danna komai.

Ana ba na'urar sharhi 512 a lokaci guda, ta yi hasashe, a auna kuskurenta, a gyara lambobin kaɗan, a ba ta wasu 512. Bayan taku 30 ta ga dukkan kason horo sau ɗaya. Wannan shi ne zagaye guda, wanda allon kwamfuta yake rubutawa `Epoch`. A ƙarshen kowane zagaye ake dakatar da gyara, a gwada ta da kason tantancewa, a rubuta sakamako. Umarnin bai wuce wannan ba:

```python
history = model.fit(x_horo, y_horo, epochs=20, batch_size=512,
                    validation_data=(x_tantance, y_tantance))
```

Bayan kowane zagaye lambobi huɗu ke fitowa: `loss` da `accuracy` na kason horo, sai `val_loss` da `val_accuracy` na kason tantancewa. `accuracy` bai da wuyar fahimta, kaso nawa ta ci daidai cikin ɗari. `loss` kuwa makin kuskure ne, kuma yana buƙatar ɗan bayani, domin a kansa aka fi dogara.

Makin kuskure ba ya tambayar ko ta ci ko ta faɗi kawai, yana duba da wane irin tabbaci ta yi magana. In sharhi yabo ne, na'urar ta ce tana da tabbacin kashi 90 cikin 100 yabo ne, makin kuskurenta kusan 0.105. In ta ce kashi 99, ya sauka zuwa 0.01. In ta ce rabi da rabi, wato ba ta san komai ba, makin 0.693 ne. In kuwa ta rantse cewa suka ne, ta bar wa yabo kashi ɗaya kacal, to tarar ta haura zuwa 4.6. Lissafin shi ne `-ln(p)`, inda `p` yake tabbacin da ta ba amsar gaskiya. Lambar 0.693 ta cancanci a rubuta ta a ajiye, domin a aikin zaɓi biyu masu yawa ɗaya, ita ce makin wanda yake jefa kwabo. Duk layin da ya manne a wurin, babu koyon da ake yi.

To me ake gani in an zana layukan zagaye 20? Lambobin suna ɗan sauyawa daga gwaji zuwa gwaji, tunda ana fara murɗa lambobin ne daga wurin da aka zaɓa da ka, amma siffar ba ta canzawa. A zagaye na farko `loss` yana wajen 0.5. Daga nan layukan biyu suke gangarawa tare, da sauri. A wajen zagaye na huɗu layin tantancewa yana kaiwa ƙarshen saukarsa, kusan 0.28, a lokacin na'urar tana cin wajen kashi 88 zuwa 89 na sharhin da ba ta taɓa gani ba. Sannan sai hanya ta rabu. Layin horo ya ci gaba da sauka babu waiwaye, har ya kusa taɓa sifili, cin daidai ya doshi kashi ɗari. Layin tantancewa kuwa ya juya ya fara hawa a hankali, zagaye bayan zagaye, har zuwa na 20 ya haura 0.5, kusan ninki biyu na inda ya sauka ko ma fiye.

Wannan kwanar da layin tantancewa ya yi, ita ce alamar hadda. Mai kallon layin horo kaɗai zai yi murna, zai ce a ƙara zagaye. Alhali tun daga zagaye na biyar, duk abin da na'urar take ƙara koya ba ya amfanar kowa sai waɗancan sharhi 15,000.

Me take koya a wannan lokacin? A zagayen farko tana kama manyan alamomi, kalmomin yabo da na kushe waɗanda suke fitowa a ɗaruruwan sharhi, kuma za su fito a kowane sabon sharhi. Wannan ilimi ne mai tafiya da ita duk inda ta je. Da waɗannan suka ƙare, kuskuren da ya saura yana cikin sharhi masu wuya: mai yabon da ya fara da kushe, mai habaici, mai ba da labarin fim ba tare da bayyana ra'ayinsa sosai ba. Tsarin horo bai san wani abu wai shi haƙuri ba, aikinsa rage makin kuskure ta kowace hanya. Sai ya koma kan kalmomin da ba su cika fitowa ba. A ce sunan wani ɗan wasa ya fito a sharhi goma, tara daga ciki yabo ne, bisa katari kawai. Na'urar za ta ɗauki sunan a matsayin hujja. A kason horo wannan dabara tana biya. A sabon sharhi kuwa, inda wani ya ambaci ɗan wasan yana kushe fim ɗinsa, za ta faɗi, kuma da cikakken tabbaci za ta faɗi.

Nan akwai wani abu da yake rikita mutane, kuma shi ne wurin da na fi so mai karatu ya tsaya. Yayin da `val_loss` ya ninka, `val_accuracy` bai faɗi da yawa ba, maki ɗaya ko biyu ne kawai ya ragu daga ƙolinsa. Ta yaya kuskure zai ninka amma cin daidai ya tsaya kusan inda yake? Mu yi lissafi da sharhi ɗari, da lambobin da na zaɓa domin sauƙin bayani. A zagaye na huɗu, a ce ta ci 88 da tabbacin kashi 90, ta faɗi 12 amma ta bar wa amsar gaskiya kashi 30. Na farko sun tara maki kusan 9.3, na biyu kusan 14.4, jimilla 23.7, a raba gida ɗari ya zama 0.24. A zagaye na 20, a ce ta ci 87 da tabbacin kashi 99, ta faɗi 13 tana bar wa gaskiya kashi ɗaya. Na farko sun tara 0.9 kacal, amma na biyu sun tara kusan 60. Matsakaicin ya zama 0.61. Sharhi ɗaya ne ya ƙaru a cikin waɗanda ta faɗi, amma makin kuskure ya fi ninki biyu.

Wato abin da hadda take fara lalatawa shi ne sanin iyaka. Na'urar ta daina cewa “ina shakka”. In aikin rarrabe sharhin fim ne, wataƙila ba a yi babbar asara ba. Amma a ce hoton ƙirji take dubawa, kuma an tsara cewa duk inda take shakka a miƙa wa likita. Wadda ta haddace ba za ta miƙa komai ba, domin a ko'ina tabbacinta kashi 99 ne, har a wuraren da ta ɓata. Shi ya sa nake ganin duk wanda ya zana layin cin daidai kaɗai ya bar makin kuskure, ya rufe ido ɗaya. Makin kuskure yana yin ƙara tun kafin ɓarnar ta bayyana a ɗaya layin.

A lura kuma cewa tazara ta riga kwanar zuwa. Tun a zagaye na uku layin horo ya riga ya sauka ƙasa da na tantancewa, alhali na tantancewa bai gama sauka ba. Da an tsaya don ganin tazara, da an tsaya da wuri, an bar riba a ƙasa. Na'ura kusan kullum ta fi iya abin da ta gani, wannan ba aibi ba ne. Muddin layin tantancewa yana gangarawa, horon yana da amfani komai faɗin ratar.

Magani mafi sauƙi shi ne a tsaya a kwanar. Tunda ba a sanin an iso ta sai an wuce ta, akwai dabarar sa ido:

```python
EarlyStopping(monitor="val_loss", patience=3,
              restore_best_weights=True)
```

Ma'anarsa: in `val_loss` ya yi zagaye uku bai inganta ba, a dakata, a koma kan lambobin zagayen da ya fi kyau. Jiran nan yana da dalili, domin layin yakan ɗan yi tsalle sama ya sake sauka, kuma tsalle ɗaya ba kwana ba ne. Sauran magungunan su ne ƙara misalai, ko rage girman samfurin, ko sa tara a kan lambobin da suka yi girma, ko wata dabara mai suna `Dropout` wadda take kashe wani kaso na ƙulli da ka a kowane taku, domin kada na'urar ta jingina da alama ɗaya. Kowannensu yana barin sawu a zane. In aka rage ƙulli daga 16 zuwa 4, lambobin suka koma 40,029, kwanar takan yi jinkirin zuwa, hawan bayanta kuma ya yi sanyi. In aka ƙara su zuwa 512, lambobin suka haura miliyan biyar, layin horo yakan faɗa sifili cikin 'yan zagaye, kwanar kuma ta zo kusan nan take.

Ɗaya cutar ba ta da kwana, shi ya sa ta fi saurin yaudara. A andafitin layukan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, babu tazara, babu hawa, zanen ya yi kyan gani. Matsalar ita ce sun miƙe ne a sama. Na'urar ta kasa ko da misalan da take gani kullum da amsoshinsu. A nan tambayar da za a yi ita ce: sama idan aka kwatanta da me? Layi ba ya faɗin tsayinsa da kansa, dole a sami ma'auni daga waje, ko makin mai jefa kwabo, ko abin da mutum yake iyawa, ko abin da wasu suka samu a kan wannan aiki.

Tarin hotunan MNIST, wanda Yann LeCun da abokan aikinsa suka shahara da shi tun 1998, ya ba da misali mai tsabta. Hotunan lambobi ne daga 0 zuwa 9 da aka rubuta da hannu, 60,000 na horo da 10,000 na jarrabawa, kowane hoto ɗigo 28 a tsaye 28 a kwance. In aka ba su samfuri mafi sauƙi, mai hawa ɗaya da lambobi 7,850, zai hau zuwa wajen kashi 92 ya tsaya cak. A ƙara masa zagaye hamsin, layukan suna kwance kusa da juna. Kashi 92 yana da daɗin ji, har sai mutum ya san cewa samfuri mai 'yan hawa a tsakiya yana kaiwa wajen 98 ba tare da wahala ba, kuma masu tsari na musamman don hoto suna haura 99. Ma'ana, a kowane hoto ɗari yana faɗuwa takwas a inda wani yake faɗuwa biyu ko ɗaya. Bai da wurin da zai ajiye bambancin da ke tsakanin 4 da 9 na hannaye daban-daban.

Sai dai ba kowane layi mai tsayi ne yake nufin samfuri ya yi ƙanƙanta ba, kuma siffar tana taimakawa wajen rarrabewa. In layukan suna sama amma har yanzu suna gangarawa a lokacin da horo ya ƙare, ba a ba su lokaci ba ne, a ƙara zagaye. In layin horo yana tsalle-tsalle kamar haƙoran zarto, ko ya harba sama, ko allon ya fara rubuta `nan`, to girman takun gyara, wato `learning_rate`, ya yi yawa, kowane gyara yana tsallake wurin da ake nema. In ya manne a 0.693 tun daga zagayen farko bai motsa ba, kafin a zargi samfuri a binciki bayanan, wataƙila amsoshi sun gauraye, an haɗa wannan sharhi da hukuncin wancan. Akwai kuma lokacin da bayanan ne ba su ɗauke da amsar. Da za a rage kalmomin sharhin fim daga 10,000 zuwa 'yan kaɗan da suka fi yawan fitowa, waɗanda yawancinsu ƙananan kalmomin haɗa jimla ne, komai girman samfuri ba zai sami abin kamawa sosai ba.

Masu sana'ar suna da wani gwaji mai arha na raba gardama. Ana ɗaukar misalai kaɗan, kamar hamsin, a tilasta wa na'urar ta haddace su. Samfuri mai lafiya zai kai makin kuskure kusa da sifili cikin ɗan lokaci. In ya kasa haddace hamsin, to akwai ɓaraka a cikin shirin, kuma babu amfanin ba shi dubu hamsin. Daga nan ne wata ƙa'ida ta fito wadda na yarda da ita ƙwarai: a fara neman samfurin da zai iya hadda, sannan a hana shi. Wanda bai taɓa ganin kwanar a zanensa ba, bai san ko ya kai iyakar abin da bayanansa za su iya bayarwa ba.

Bambance cututtukan biyu yana da muhimmanci ne domin maganin ɗaya guba ne ga ɗaya. Mai fama da andafitin da ya ƙara `Dropout` ya ƙara ɗaure abin da dama ba ya iya motsi. In kuma ya kashe kuɗi da watanni wajen tattara sababbin misalai, ba za su tsinana masa abin kirki ba, tunda waɗanda ke hannunsa ma bai cinye su ba. Akwai wani zane na dabam da yake amsa wannan tambaya ta ƙarin misalai: maimakon zagaye, sai a jera yawan misalan horo a ƙasa, a horar da 1,000, sannan 2,000, sannan 5,000, har zuwa duka. A manhajar scikit-learn sunansa `learning_curve`. In layin tantancewa yana ci gaba da inganta har bakin zanen, ƙarin misalai zai biya. In ya riga ya haɗe da na horo sun kwanta, sai a nemi gyara a wani wuri.

Layukan ma suna iya ba da shaidar zur. Wani lokaci layin tantancewa yakan kasance ƙasa da na horo, kamar na'urar ta fi iya abin da ba ta gani ba. Sau da yawa dalilin mai sauƙi ne. `Dropout` yana aiki lokacin horo ne kawai, a lokacin tantancewa ana kunna dukkan ƙulli. Haka kuma Keras yana ba da `loss` a matsayin matsakaicin dukkan takun zagayen, har da na farko-farko lokacin da ba ta ƙware ba, alhali `val_loss` a ƙarshen zagaye ake auna shi. Amma in ba ɗayan waɗannan ba ne, kuma sakamakon ya yi kyau fiye da hankali, sai a yi zargin yoyo, wato misalan horo sun tsallaka cikin kason tantancewa.

Yoyo shi ne mafi haɗari, domin yana ɓoye hadda gaba ɗaya. Tarin hotunan ƙirji na ChestX-ray14, wanda Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka fitar a 2017, yana da hotuna 112,120 na marasa lafiya 30,805. Mutum ɗaya yana iya samun hotuna da yawa. In aka gauraya hotunan aka raba da ka, hoton mutum na watan jiya zai faɗa kason horo, na wannan watan ya faɗa na tantancewa. Na'urar za ta iya gane ƙirjin mutumin maimakon ta gane cutar, kuma layukan biyu za su sauka tare gwanin sha'awa. Dole a raba bisa mutane, duk hotunan mutum ɗaya su tafi gefe guda. Haka abin yake da saƙonnin da ake kwafa ana sake yaɗawa, ko labari ɗaya da jaridu da dama suka buga.

Girman kason tantancewa ma yana da tasiri. Da misalai 10,000, in an ce kashi 88, rawar da lambar take yi saboda katari wajen sulusin maki ne. Da misalai 200 kuwa, kowane guda rabin maki ne, rawar kuma ta haura maki biyu sama ko ƙasa. A irin wannan hali bambancin 86 da 88 ba labari ba ne, kuma abin da ya yi kama da kwana yana iya zama sharhi huɗu ne suka sauya gefe. Wannan ya shafi masu aiki da Hausa kai tsaye. Tarin NaijaSenti na 2022, wanda Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka haɗa daga saƙonnin Tuwita na Hausa, Ibo, Yarbanci da Turancin Buroka, yana cikin manya, amma yawancin wanda zai tara nasa bayanan da hannu 'yan ɗaruruwa ko 'yan dubbai zai samu. Da ƙarancin misalai kwanar tana zuwa da wuri, layin kuma yana rawa. Abin yi shi ne a raba bayanan gida biyar, a yi horo sau biyar, kowane karo gida ɗaya ya zama na tantancewa, sannan a zana matsakaicin.

Ba kowace hawa ce ta dindindin ba kuma. A 2019 Mikhail Belkin da abokan aikinsa, sannan Preetum Nakkiran da nasa, sun nuna cewa a wasu manyan samfura kuskuren yakan sauka, ya hau, sannan ya sake sauka in aka ƙara girma ko aka daɗe ana horo. Wannan gaskiya ce, amma ga mai ƙaramin samfuri da bayanai kaɗan ba dalili ba ne na zuba ido ana kallon layi yana hawa.

Mu koma ga sharhin finafinai mu ƙarasa aikin. Tunda zanen ya nuna zagaye na huɗu, sai a sake horar da sabon samfuri daga farko, zagaye huɗu kawai, sannan a buɗe waɗancan 25,000 da aka kulle. Sakamakon yakan fito wajen kashi 88. Dalilin kulle su shi ne, duk lokacin da mutum ya kalli layin tantancewa ya sauya wani abu, yawan ƙulli ko girman taku ko wurin tsayawa, ya ɗan tsoma hannunsa a kason. Bayan gwaji da yawa shi ma kason tantancewa ya zama abin da aka daidaita samfurin da shi, lambarsa ta fi gaskiya daɗi. Kason jarrabawa sau ɗaya ake buɗe shi, kuma ba a komawa gyara bayan an ga sakamakonsa.

Kashi 88 ɗin nan ma iyakar wannan tsari ne, ba iyakar aikin ba. Samfurin yana ganin waɗanne kalmomi ne ke cikin sharhi, amma ba ya ganin jerinsu, don haka jimlar da ta ce fim bai yi kyau ba sai dai tsayi, da wadda ta ce bai yi tsayi ba sai dai kyau, kusan ɗaya suke a wurinsa. Samfuran da suke karanta jerin kalmomi sun haura kashi 95 a kan wannan tari. Zanen ba zai taɓa faɗa wa mutum haka ba, domin samfurin da ke gabansa kaɗai yake aunawa.

Haka nan dukkan kaso ukun daga tukunya ɗaya aka ɗebo su: masu rubuta dogon sharhi da Turanci a dandali ɗaya, kafin 2011. In aka ɗauki samfurin aka ba shi gajerun saƙonnin waya, ko sharhin kayan masarufi, cin daidansa zai iya faɗuwa ƙwarai alhali zanensa ba shi da aibi. Wanda zai kai samfuri wani sabon wuri sai ya tara 'yan ɗaruruwan misalai daga can, mutane su yi musu hukunci da hannu, ya zana musu layi na uku kusa da waɗancan biyun tun daga zagayen farko.